Yadda Ake Gano Ko Fetur Ya Yi wa Injin Mota Yawa Ko Ya Yi Masa Kaɗan

A cikin motocin da 'yan uwanmu direbobi ke kawowa warsha a Jidda, musamman idan lokacin fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ya gabato, da yawa ƙorafinsu guda ne ko da bayaninsu ya bambanta. Wani zai ce motar ta fara shan banzin fiye da yadda ya saba, wani ya ce tana kakkarwa idan ya tsaya a danja, wani kuma ya ce an auna hayaƙinta an mayar da shi. Sau da yawa tushen abin ɗaya ne, wato haɗin iska da fetur da ke shiga silinda ya kauce daga ma'auninsa. Abin da nake so in nuna shi ne yadda ake gane ɓangaren da haɗin ya karkata, da abin da ya karkatar da shi, kafin a kashe riyal ko ɗaya wajen sayen kayan gyara.

Fetur ba ya ƙonewa sai da iska, kuma akwai adadin iskar da yake buƙata domin ya ƙone ƙurmus ba tare da ya bar saura ba. Ga tsantsar fetur, adadin shi ne giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur, kuma ana rubuta shi 14.7:1. A lura cewa da nauyi ake wannan lissafi. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kimanin giram 740, saboda haka tana buƙatar iska mai nauyin kusan kilo 11, wanda ya kai wajen lita 9,000 na iska. Injin mota ya fi zuƙar iska nesa ba kusa ba a kan yadda yake shan fetur, shi ya sa ɗan kuskure wajen auna iskar yake rikita komai.

Idan iskar ta gaza 14.7, misali 13:1, fetur ya yi yawa ke nan, kuma zan kira wannan haɗi mai kauri, kamar kunun da gasararsa ta yi yawa. Idan kuma iskar ta zarce, misali 16:1, haɗin ya tsinke. Na'urorin gwaji suna nuna wannan da wata lamba da ake kira lamda, wadda ake samu idan an raba haɗin da ake da shi da 14.7. Lamda 1.00 daidai ne, ƙasa da haka kauri ne, sama da haka tsinkewa ce. Haɗin 13:1 lamdarsa kusan 0.88 ce.

Kada a ɗauka cewa 14.7 shi ne inda inji ya fi ƙarfi. Inji yana ba da mafi girman ƙarfinsa ne idan haɗin ya ɗan yi kauri, tsakanin 12.5:1 da 13:1, domin a nan ne ake tabbatar da cewa duk iskar da ta shiga silinda ta sami fetur ɗin da za ta ƙone da shi, kuma rarar fetur ɗin tana sanyaya fistin da bawul. Shi ya sa idan ka take totur har ƙasa domin wuce tirela a hanyar Makka, kwamfutar motar da kanta take ƙara kaurin haɗin na ɗan lokaci. Tattalin fetur kuwa ya fi samuwa idan haɗin ya ɗan tsinke, wajen 15.5:1 zuwa 16:1. An zaɓi 14.7 ne a tafiya ta yau da kullum saboda matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda a nan ake kira dabbar talawwus, makanikan Najeriya kuma suke ce mata indomi. Wannan matata ba ta iya tsaftace duka gurɓatattun iskoki uku na hayaƙi a lokaci guda sai idan lamda tana dab da 1.00.

Iskokin nan uku su ne CO da HC da NOx, kamar yadda za ka gan su a fuskar na'urar auna hayaƙi. CO ita ce iskar da ke samuwa idan fetur ya ƙone rabi da rabi saboda ƙarancin iska, don haka tana hawa sosai da zarar haɗi ya yi kauri: a wajen 13:1 tana iya kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, alhali lafiyayyar mota mai matata tana fitar da ƙasa da rabin kashi ɗaya. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa, saboda haka duk gwajin da za a ambata a ƙasa a yi shi a fili ko a warsha mai buɗaɗɗiyar ƙofa. HC kuwa ɗanyen fetur ne da ya fita bai ƙone ba. Yana ƙaruwa idan haɗi ya yi kauri, kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne yana sake ƙaruwa idan haɗin ya tsinke ƙwarai, daga wajen 17:1 ko 18:1 zuwa sama, domin a lokacin tartsatsin fulogi yakan kasa kunna haɗin, sai ya fita yadda ya shiga. NOx tana samuwa ne daga tsananin zafi tare da rarar iska, don haka ta fi yawa idan haɗin ya ɗan tsinke kaɗan. A taƙaice, warin ɗanyen fetur a bayan mota shi kaɗai bai isa a ce fetur ya yi yawa ba, kuma na sha ganin an canza injektoci huɗu lafiyayyu, wato masu fesa wa inji fetur, saboda wannan zato.

Matakin farko shi ne duba abin da ido da kunne za su iya ba ka, da tambayar mai motar. Ka tambaye shi lokacin da matsalar ta fi bayyana, ko a silo ne, wato mota na tsaye inji na aiki ba a taka totur ba, ko kuwa a kan gudu da hawan tudu. Baƙin hayaƙi da baƙin ƙunci mai laushi a bakin salansa suna nuna kauri. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma wannan wata matsala ce dabam. Kakkarwa a silo, da jinkirin amsawa idan an taka totur, da ƙarar ƙwanƙwasa a cikin inji yayin hawa, sun fi zama alamun tsinkewa. Sannan ka bari inji ya huce, ka kwance fulogai, waɗanda 'yan kasuwar kayan mota a nan suke kira bawaji, ka jera su bisa tsarin silindojinsu. Fulogi mai baƙin ƙunci busasshe ya sha haɗi mai kauri, wanda kansa ya yi fari fat ko ya nuna alamar narkewa ya sha zafin tsinkakken haɗi, mai launin toka ko ƙasa-ƙasa kuma lafiyarsa lau. Jerawar tana da amfani domin idan guda ɗaya ne kawai ya yi baƙi, to laifin yana ga injektar wannan silinda ko wutarta, idan kuwa duka ne, sai a nemi abin da ya shafi injin gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne tambayar kwamfutar motar, kuma a nan ne ainihin aikin yake. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ƙafafu 16 da ake kira OBD-II, wanda ake jona na'urar bincike a jikinsa, kuma ƙananan na'urorin da ke aiki da wayar hannu ma sun isa wannan aiki. Ka fara karanta lambobin matsala. P0171 tana nufin kwamfuta ta ga haɗin ya tsinke fiye da yadda za ta iya gyarawa, P0172 kuma tana nufin ya yi kauri. A injin da ke da jeren silinda biyu, irin mai siffar V, P0174 da P0175 suna faɗin haka game da jere na biyu. Ka rubuta su, amma kada ka goge su tukuna, domin a motoci da yawa gogewar tana share abin da kwamfuta ta koya, wanda shi ne shaidar da kake nema.

Bayan haka ka bar injin ya yi zafi sosai, har ruwan lagireto ya kai wajen digiri 85 zuwa 95, kuma layin Fuel System Status ya nuna Closed Loop ko CL. Ma'anarsa ita ce kwamfuta ta fara sauraron sensar iskar oksijin da ke jikin bututun hayaƙi tana gyara fetur bisa abin da sensar ta faɗa. Kafin wannan lokaci kwamfuta tana ba da haɗi mai kauri da gangan, domin fetur ba ya tururi da kyau a cikin inji mai sanyi, kuma duk abin da ka karanta a lokacin ba zai zama hujja ba. A nan ne ya kamata a ja kunnen masu cire bawul ɗin zafi na lagireto da sunan wai zafin Jidda ya yi yawa: injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu a Ɗa'if ko Madina, kuma duk tsawon wannan lokaci fetur yake sha fiye da kima.

Lambobi biyu za ka sa wa ido, STFT da LTFT. Ta farko tana nuna gyaran da kwamfuta take yi wa fetur a wannan daƙiƙa, ta biyu kuma gyaran da ta daɗe tana yi har ta riƙe shi a matsayin ɗabi'ar injin. Ana haɗa su biyun a samu jimla. Idan jimlar tana da alamar ƙari, kwamfuta tana ƙara fetur ne domin ta ga haɗin ya tsinke. Idan tana da alamar ragi, tana rage fetur ne domin ta ga kauri. Jimlar da ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba ta kowane ɓangare tana da kyau, har zuwa 10 ma ba abin damuwa ba ne, amma abin da ya haura haka yana buƙatar bincike. Abin lura shi ne mota tana iya samun matsala babba alhali hayaƙinta yana fita daidai, saboda kwamfuta tana rufa mata asiri da wannan gyara, har sai gyaran ya kai iyakarsa, wanda a yawancin motoci yake tsakanin 20 da 35, sannan fitilar inji ta kama.

Mataki na uku shi ne karanta waɗannan lambobi a yanayi biyu, a silo da kuma lokacin da aka riƙe inji a RPM 2,500 na kusan minti ɗaya, sannan a kwatanta. Bari in kawo motar wani direba da ke jigilar masu Umra tsakanin Jidda da Makka, mai silinda huɗu da inji lita 2.4. Ya zo ne da fitilar inji a kunne da kakkarwa a danja, kuma an riga an canza masa fulogai da sensar oksijin a wani wuri ba tare da an ga canji ba. Ga abin da na'ura ta nuna bayan inji ya yi zafi, na'urar sanyaya ɗaki a kashe:

```
P0171
RPM  700   MAF 2.4 g/s   STFT +7%   LTFT +18%
RPM 2500   MAF 9.0 g/s   STFT +1%   LTFT  +6%
```

MAF ita ce sensar da ke auna nauyin iskar da ke wucewa daga matatar iska zuwa inji, wadda ake kira hassas hawa. A silo ta ce giram 2.4 ne ke shiga a kowace daƙiƙa, don haka kwamfuta ta lissafa fetur giram 0.163, wato 2.4 a raba da 14.7. Amma tana ƙara kashi 25 cikin ɗari kafin sensar oksijin ta gamsu, kuma wannan yana nufin ainihin iskar da ke shiga ta kai giram 3.0. Akwai giram 0.6 da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya ba tare da an auna ta ba. Da kwamfuta ba ta gyara ba, da haɗin ya zama 3.0 a raba da 0.163, wato kusan 18.4:1, inda fulogi yake fara kasa kunna wuta. A RPM 2,500 kuwa ɓarauniyar iskar tana nan kusan yadda take, sai dai giram 0.6 a kan giram 9 bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba, kuma haka jimlar gyaran ta nuna. Na ce masa, Malam, sensar oksijin da aka cire maka gaskiya take faɗa, iska ce take shiga ta inda bai kamata ba.

Wannan siffa, wato gyara mai yawa a silo wanda yake sauka idan an ƙara wuta, ita ce alamar yoyon iska a bayan sensar MAF. Hanya mafi tsafta ta nemo wurin ita ce a kashe inji a hura hayaƙin gwaji cikin bututun iska, a ga inda zai ɓullo. Idan babu wannan na'ura, sai a bar inji a silo ana fesa ɗan ruwa a gaɓoɓin tiyo da gaskit ɗaya bayan ɗaya ana kallon STFT, domin da zarar ruwa ya toshe kafar na ɗan lokaci lambar za ta sauko. Wasu suna fesa maganin wanke kafireto, kuma yana aiki, amma yana kama wuta, kuma ban ga dalilin fesa shi a kan zazzafan inji a tsakiyar watan Agusta ba. A motar direban nan, babban tiyon roba mai lanƙwasa da ke tsakanin MAF da bakin totur ne ya tsage ta ƙasa, a cikin ninkinsa, inda ido ba ya kaiwa sai an ciro shi an lanƙwasa. Zafin ƙasar nan yana busar da roba da wuri, don haka irin wannan tiyo da ƙananan tiyoyin da ke manne da inji su ne farkon abin dubawa. Bayan an sa sabo, an goge lambar, an yi tafiyar kusan minti ashirin, MAF ta koma nuna 3.0 a silo, jimlar gyara kuma ta tsaya a wajen +3.

Da lambobin sun zo akasin haka, wato daidai a silo amma suna hawa yayin da aka ƙara wuta ko aka ɗora wa inji nauyi, da sai a juya bincike zuwa wani ɓangare. Ko dai fetur ne ba ya isowa saboda famfon mai ya yi rauni, ko matatarsa ta toshe, ko injektoci sun cushe, ko kuwa ƙura ta lulluɓe siririyar wayar da ke cikin MAF har tana auna iska ƙasa da gaskiya. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare bayan guguwar ƙura, musamman idan matatar iska ba ta zauna daidai a akwatinta ba. Ana wanke sensar da maganin feshi da aka yi dominta kawai, ba a taɓa wayar da hannu ko tsumma, kuma a bari ta bushe kafin a mayar. Famfo kuwa ana gwada shi da agogon auna matsi. A yawancin injinan da ke fesa fetur a bakin bawul matsin yana tsakanin bar 3 da bar 4 a ma'aunin agogon, amma adadin da littafin motar ya faɗa shi ne abin bi. Tsinkewa a kan nauyi ta fi ta silo haɗari, domin tana ƙara zafin ƙonewa da ƙwanƙwasa har ta iya ƙona bawul ko huda fistin.

Idan jimlar ta yi ragi sosai, misali -15 ko -20, abubuwan da ake zargi sun haɗa da injekta mai ɗiga, da matsin fetur da ya wuce kima, da bawul ɗin da ke sakin tururin tanki idan ya maƙale a buɗe, da kuma fetur da ya gauraya da baƙin mai. Injekta mai ɗiga tana tona kanta idan aka kashe inji aka ga allurar agogon matsi tana sauka da sauri, sannan motar tana wahalar tashi bayan ɗan tsayawa. Kada a yi sakaci da kauri saboda motar tana ja da kyau, domin rarar fetur tana wanke maiƙon bangon silinda, tana cika fulogi da ƙunci, kuma tana lalata matatar hayaƙi, wadda ta fi duk kayan da aka ambata tsada.

Akwai kuma lokacin da sensar oksijin take yaudaruwa, kuma wajibi ne a kawar da wannan kafin yanke hukunci. Sensar tana auna oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi ne kawai. Idan bututun hayaƙi ya tsage a gabanta, iskar waje tana shiga, sai ta ce haɗi ya tsinke, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur a kan injin da tun farko haɗinsa daidai yake. Haka ma idan silinda ɗaya ba ta kama wuta, domin iskarta tana fita ba a ƙone ta ba. A irin wannan hali za ka ga alamar ƙari a na'ura alhali fulogai sun yi baƙi, kuma wannan saɓani shi ne abin da zai farkar da kai. Tsohuwar irin sensar tana lilo ne tsakanin kusan bolt 0.1 idan haɗi ya tsinke da 0.9 idan ya yi kauri, kuma lafiyayyarta tana kai da komowa ba tsayawa. Motoci da yawa na baya-bayan nan suna da wata irin sensar da ba ta lilo, tana nuna lamda kai tsaye ko wani tsayayyen adadi, don haka kada a yanke mata hukuncin mutuwa don an ga ba ta motsi.

Tsofaffin motoci masu kafireto ba su da kwamfutar da za ta gyara musu, kuma hanyar Hada zuwa Ɗa'if tana nuna hakan a fili. Jidda tana bakin teku, Ɗa'if kuwa tana kan tudu na kusan mita 1,900, inda matsin iska ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Kafireton da aka saita a 14.7:1 a Jidda yakan koma wajen 13.4:1 a can sama, sai ka ga baƙin hayaƙi da sanyin jiki a hawa. Mota mai injekta tana rage fetur da kanta, haɗinta ya zauna daidai, amma ita ma ƙarfinta yana raguwa idan ba ta da turbo, domin iskar ce ta yi kaɗan, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Idan za a saita kafireto, a yi shi a garin da motar take aiki, inji da zafinsa, matatar iska da tsabtarta, ana juya sukurun haɗi kwata-kwata ana kallon CO a na'ura har ta kai adadin da aka rubuta wa wannan inji.

Game da banzin kuwa, sauya 91 mai launin kore zuwa 95 mai launin ja ba ya gyara haɗi, domin lambar tana nuna juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ne kawai, kuma iskar da kowannensu yake buƙata kusan ɗaya ce. Yana iya rage ƙarar ƙwanƙwasa a injin da haɗinsa ya tsinke, amma LTFT za ta ci gaba da nuna abin da take nunawa.

Mataki na ƙarshe, kafin a nufi wurin fahas, shi ne a yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin domin matatar hayaƙi ta yi zafi, sannan a sa bututun na'urar auna hayaƙi a salansa. Lafiyayyen inji mai matata yana nuna lamda tsakanin 0.97 da 1.03, CO ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari, O2, wato oksijin, ƙasa da kashi 1, CO2 kuma wajen kashi 14 zuwa 15. Idan CO ta hau O2 tana ƙasa, har yanzu da sauran kauri. Idan O2 da HC suka hau tare CO tana ƙasa, ko dai haɗin ya tsinke har wuta tana ƙin kamawa, ko kuwa fulogi ko kwayil ne ke da matsala, sai a koma kan STFT da LTFT a silo da kuma RPM 2,500 a sake kwatantawa.